Sauya adireshin kai kaya bayan an yi oda: me za a rubuta wa mai sayarwa, kuma yaushe?

"Assalamu alaikum. Jiya da misalin ƙarfe 9:40 na dare na yi odar firinta da tawadarta ta intanet, na biya da kati. Sai yau da asuba na lura tsohon adireshina ne a jikin odar, gidan da na tashi tun watan jiya. A shafin odar har yanzu 'Processing' aka rubuta. Don Allah me zan rubuta wa mai sayarwar, kuma lokaci bai ƙure mini ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokaci bai ƙure ba tukuna, amma ka tura saƙon yanzu, kafin ka gama karanta sauran bayanin nan. Ga abin da za ka rubuta. A wurin taken saƙo ka sa: "Gaggawa: sauya adireshi, oda mai lamba 48213, a dakata da aikawa". Lambar nan misali ce, ka sa taka. Sannan cikin saƙon:

"Barkanku da aiki. Na yi oda mai lamba 48213 jiya Talata da ƙarfe 9:40 na dare, firinta ɗaya da tawada biyu. Adireshin da ke jikin odar tsohon gidana ne, na riga na tashi daga can. Don Allah ku dakata da aika kayan, ku sauya adireshin zuwa wannan:

Sunan mai karɓa: (cikakken suna)
Gida mai lamba 27, Titin Asibiti, hawa na biyu
(unguwa), (gari), (jiha ko lardi), (lambar gidan waya)
Waya: (lambar da za a kira ranar kawowa)

Adireshin da za a cire shi ne wanda ya fara da 'Lamba 9, Layin Makaranta'. Idan sauyin zai ƙara kuɗin aikawa, ku faɗa mini nawa ne, zan biya. Idan kuma ba za a iya sauyawa ba, na amince ku soke odar kafin ta fita, zan sake yin wata da adireshin da ya dace. Ina roƙon ku amsa mini a rubuce cewa an sauya, tare da maimaita sabon adireshin. Na gode."

Ka tura shi daga imel ɗin da ka yi odar da shi, ko daga cikin asusunka na manhajar idan a wata kasuwar intanet ka saya. To, yanzu bari mu duba dalilin da ya sa aka rubuta shi a haka.

Abin da kake tsere da shi ba ranar da kaya za su iso ba ce. Kana tsere ne da lokacin da za a buga takardar adireshi, wato sitikar nan mai baƙaƙen layuka da ake manna wa kwali. Oda tana bin matakai ne: a tabbatar da kuɗi ya shiga, a fito da kayan daga sito, a sa a kwali, a buga sitikar a manna, sannan motar kamfanin kai kaya ta zo ta kwashe. Kafin a buga sitikar, adireshinka rubutu ne kawai a kwamfutar mai sayarwa, gyara shi bai fi minti ɗaya ba. Bayan an buga, sai an soke waccan sitikar a wajen kamfanin kai kaya, a sayi wata, sannan wani ma'aikaci ya tashi ya nemo kwalinka a cikin tarin kwalayen da ke jiran mota, ya ɓamɓare tsohuwar ya manna sabuwa. Ana iya yi, amma ya danganta da ko akwai mai lokacin yi. Da zarar kuwa direba ya haska sitikar da na'urarsa ya ɗora kwalin a mota, kayan sun bar hannun mai sayarwa, shi ma roƙo zai yi kamar yadda kake yi.

Kalmar "Processing" da kake gani tana nufin kuɗi ya shiga amma kaya ba su fita ba. Sai dai kada ka dogara da ita sosai, domin a shaguna da yawa wannan kalma ɗaya ce ke rufe dukkan abin da ke tsakanin biyan kuɗi da zuwan mota. Yana yiwuwa an riga an buga sitikar, shafin bai nuna ba. Alamar da ta fi inganci ita ce lambar bibiyar kaya. Idan ba a turo maka ita ba, mai yiwuwa ba a buga sitika ba. Idan an turo, ka sa lambar a shafin kamfanin kai kayan ka ga abin da zai ce. In ya nuna "Label created" ko wani abu makamancinsa ba tare da sunan wani wuri da aka karɓi kayan ba, kwalin yana sito, akwai sauran dama. In ya nuna "Picked up" ko "In transit", ya hau hanya.

Odarka ta shiga ne da dare, kuma wannan ya taimake ka. Galibin masu sayarwa suna tara odar dare su fara haɗa ta da safe idan an buɗe sito, kuma suna da wani lokaci da suke rufe odar da za ta fita a ranar, saboda motar kwasa tana da lokacin zuwa. Mu ɗauka sitonsu yana buɗewa ƙarfe 8 na safe, mota tana zuwa ƙarfe 2 na rana. Odar da ta kwana tana cikin rukunin farko, don haka ana iya buga sitikarta tun ƙarfe 8 da 'yan mintuna. Saƙon da ya isa ƙarfe 6 na safe yana jiran su a saman akwatin saƙo. Wanda ya isa ƙarfe 11 zai tarar an manna sitika, sai dai a yi aikin nemo kwali. Wanda ya isa ƙarfe 3 ya makara. Shi ya sa ba a jira "sai sun buɗe" kafin a rubuta. Kuma idan mai sayarwar yana wata ƙasa, da agogonsu za ka yi lissafi, ba da naka ba. Asubarka tana iya zama tsakar ranarsu.

Akwai wani abin da ya kamata ka sani game da manyan shaguna: wanda ke karanta saƙon abokan ciniki sau da yawa ba shi ne ke haɗa kaya ba, wani lokaci ma ba a gini ɗaya suke ba. Saƙonka zai iya yin awa shida a layi alhali sito na ci gaba da aikinsa. Saboda haka bayan ka tura rubutaccen saƙon, ka duba shafin odar ko akwai maɓallin gyara adireshi ko na sokewa. A Amazon, alal misali, ana iya gyara adireshi daga "Your Orders" muddin odar ba ta shiga matakin aikawa ba. Da ta shiga, zaɓin ya ɓace. Idan akwai lambar waya ko wurin hira kai tsaye, ka kira da zarar sun buɗe, ka ce: "Na turo muku saƙo a kan oda mai lamba 48213, don Allah a dakatar da ita a sito kafin a buga adireshi." Kiran waya shi ke tsayar da kaya da sauri, rubutaccen saƙo kuma shi ne shaidarka. Kana bukatar duka biyun.

Yanzu ga tsarin saƙon kansa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: mai karantawa ya iya yin aikin ba tare da ya tambaye ka komai ba. Duk tambayar da ya dawo maka da ita tana cin sa'o'i, domin sai ka gani, ka amsa, amsar ta sake shiga layi. Mutum ya rubuta "Sannu, ina so in canza adireshina, zai yiwu?" ya tsaya nan. Bayan awa uku a ce masa "mene ne lambar odarka?" Ya amsa, a sake cewa "turo sabon adireshin". Kafin a gama wannan kai-komo mota ta tashi. Don haka lambar oda take a taken saƙon, inda za a gan ta ko ba a buɗe ba, kuma an ambaci kayan da ranar oda domin a tabbatar ba a taɓa odar wani ba idan ka yi kuskuren lamba ɗaya.

"Ku dakata da aikawa" ya zo kafin sabon adireshin da gangan. Tsayar da oda abu ne da kusan kowane ma'aikaci zai iya yi nan take, amma sauya adireshi a wasu wuraren sai da amincewar wani na sama. In an tsayar, ka sayi lokaci ko da sauran maganar za ta ɗauki yini.

Sabon adireshin kuma an rubuta shi cikakke, layi-layi, ba a cikin jimla ba, saboda ma'aikacin kwafa zai yi ya liƙa a guraben da kwamfutarsa ta ware: suna, titi, gari, lambar gidan waya, waya. Kada ka ce "komai daidai ne, lambar gidan kawai za a mayar 27". Gyaran gutsure shi ke haifar da adireshin da rabinsa tsoho rabinsa sabo, sabon titi da tsohuwar lambar gidan waya, kuma na'urorin rarraba kaya da lambar suke aiki, sai kwalin ya tafi reshen da ba shi ba. Haka nan kada ka turo adireshi a hoto ko a saƙon murya, domin sai an sake buga shi da hannu, a nan kuwa ake samun 27 ta koma 72. Idan wurin da kake ba a cika gane shi da lambar gida ba, ka ƙara layi guda na kwatance, gajere, domin gurbin adireshi a sitika yana da iyakar haruffa, abin da ya wuce iyakar yankewa yake yi. Tsohon adireshin kuwa farkonsa kawai aka ambata, an kuma ce "wanda za a cire". Idan ka jera cikakkun adireshi biyu masu kama da juna a saƙo ɗaya, mai sauri zai iya kwafar wanda ba shi ba.

Jimlar da ta fi muhimmanci bayan wannan ita ce ta izinin sokewa. Mutane suna mamaki idan mai sayarwa ya ƙi sauya adireshi alhali kaya na gabansa, suna ɗauka ƙeta ce ko ƙyuya. Sau da yawa ba haka ba ne. Wata sananniyar dabarar masu damfara ita ce su sayi kaya da katin sata, su sa adireshin mai katin na gaskiya domin odar ta tsallake bincike, sannan su rubuto su ce a kai wani wuri. Daga baya mai katin ya kai ƙara banki, a janye kuɗin, mai sayarwa ya rasa kaya ya rasa kuɗi. Saboda wannan ne kariyar da PayPal ke ba masu sayarwa take da sharaɗin a aika kaya zuwa adireshin da ke shafin bayanin cinikin, haka ma eBay take bukatar a aika zuwa adireshin da mai saye ya bayar lokacin biya. Mai sayarwar da ya kai kaya wani wuri saboda saƙon da aka turo masa ya fita daga wannan kariya. Don haka a irin waɗannan kasuwanni amsar da za ka samu galibi ita ce a soke, ka sake saya da adireshin da ya dace. Tun da ka riga ka ba da izini a saƙon farko, ba sai an tsaya tambayarka ba.

Sai dai ka auna kafin ka bar wannan jimla a ciki. Sokewa tana da nata tsada: kuɗin da aka mayar kan kati yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, ke nan sai ka sake fitar da wani kuɗin kafin na farko ya dawo. Idan da rangwame ka saya, ko kayan saura ɗaya ne, sabuwar oda ba lallai ta zo da farashin jiya ba. In haka ne, ka sauya jimlar zuwa: "Idan ba za a iya sauyawa ba, don Allah ku riƙe kayan ku sanar da ni kafin ku soke." A ganina, ga kaya mai tsada kamar firinta da za a kai gidan da ba ka da kowa a ciki, sokewa ta fi kasadar barin kwalin ya tafi.

Wannan tsoron damfarar shi ne kuma dalilin da ya sa dole saƙon ya fito daga imel ko lambar da ke jikin odar. Saƙon da ya zo daga baƙuwar lamba yana neman a karkatar da kaya, ma'aikaci mai hankali ba zai taɓa shi ba. Suna iya tambayarka wani abu don tantancewa, kamar adireshin da ke jikin odar, jimillar kuɗin da ka biya, ko lambobi huɗu na ƙarshen katinka. Waɗannan ba laifi. Amma cikakkiyar lambar kati, lambobin bayan kati, lambar sirri, ko lambar da banki ya turo wa wayarka, babu mai sayarwar kirki da ke bukatarsu don gyara adireshi. Kuma idan a cikin wata kasuwar intanet ka saya, ka bar duk maganar a cikin akwatin saƙon kasuwar, domin shi masu kasuwar za su duba idan rigima ta taso.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya shiga asusunsa ya gyara adireshin da ke ajiye, ya ga sabon ya bayyana, hankalinsa ya kwanta. Wannan gyaran na odar gaba ne. Odar da aka riga aka yi ta kwafi adireshin ne a lokacin biya, tana nan da tsohon. Ka gyara na asusun, ka ma goge tsohon gaba ɗaya don kada ya sake shigowa da kansa, amma wurin da za ka duba shi ne shafin ita wannan odar. Ka kuma lura adireshin kai kaya kake son a sauya, ba adireshin da ke haɗe da katin bankinka ba. Wancan ka bar shi yadda bankinka ya san shi.

Idan sun amsa da "an gyara" kawai, bai isa ba. Ka nemi su maimaita adireshin, ka karanta shi harafi-harafi, sannan ka ɗauki hoton allon amsar ka ajiye. Tun da kayanka iri biyu ne, akwai ƙarin tambaya: firinta da tawada suna iya fitowa a kwali daban-daban, har daga sito daban-daban, kowanne da sitikarsa da lambar bibiyarsa. Ana gyara ɗaya a manta da ɗayan. Ka rubuta: "Na gode. Don Allah ku tabbatar mini sauyin ya shafi dukkan kayan da ke cikin odar, kuma idan an riga an buga tsohuwar takardar adireshi, an soke ta." Alamar cewa an sake sitika da gaske ita ce galibi za a ba ka sabuwar lambar bibiya. Idan an turo maka lamba tun kafin gyaran, bayan gyaran kuma ba ta sauya ba, ka tambaya, domin yana yiwuwa kwamfuta kaɗai aka gyara, kwalin yana ɗauke da tsohon adireshi. Idan kaya suka hau hanya, shafin bibiya yakan nuna garin da za su je, ka duba shi ma.

In awa biyu ko uku na lokacin aikinsu suka wuce ba amsa, ka sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko, kada ka buɗe sabo. A wasu tsare-tsaren kowane sabon saƙo layi yake shiga daga baya, kuma ma'aikata biyu na iya ɗaukar magana ɗaya su yi abu biyu masu karo da juna. Gajere ya isa: "Ina tunatar da ku batun oda 48213. Har yanzu ba ta nuna ta fita ba, don Allah a tsayar da ita kafin kwasar yau." Faɗa ko barazanar ba su mummunan sharhi ba ya ƙara sauri, balle kuskuren daga wajenka ya fito.

To idan ka duba ka tarar kaya sun riga sun fita fa? Saƙon ya sauya, domin abin da kake nema yanzu shi ne a karkatar da kwalin a hanya. A wajen kamfanin kai kaya, wanda ya biya kuɗin aikawa shi ne abokin cinikinsu, wato mai sayarwa, kuma sau da yawa shi kaɗai suke karɓar umarnin sauya adireshi daga gare shi. Sai ka rubuta: "Na ga oda 48213 ta fita, lambar bibiyarta (lamba). Adireshin da ke jiki ba na zaune a can. Don Allah ku nemi kamfanin kai kayan ya karkatar da ita zuwa adireshin da ke ƙasa, ko ya ajiye ta a ofishinsa mafi kusa in je in karɓa da katin shaida. Zan biya kuɗin da hakan zai ci." Manyan kamfanoni suna da hanyar da mai karɓa zai nemi wasu sauye-sauye da kansa, irin su UPS My Choice, FedEx Delivery Manager da DHL On Demand Delivery, amma mai aikawa yana iya rufe damar sauya adireshi, musamman a kaya masu tsada. Ajiyewa a ofishi ta fi saurin samun amincewa a kan kaiwa wani gida, saboda za a duba katin shaidarka kafin a miƙa. Karkatarwa tana iya ƙara kwana ɗaya ko fiye, kuma ba ta da tabbas: idan shafin ya kai "Out for delivery", kwalin yana motar da za ta kai shi ƙofa a ranar, kuma abin da ya rage shi ne wayarka ta kasance a kunne, ko ka sanar da wanda ke tsohon gidan ya karɓa maka, ko ya ƙi karɓa domin a mayar wa mai sayarwa.

Nisan da ke tsakanin adireshin biyu ma yana da tasiri. Cikin gari ɗaya, yawanci kuɗin aikawa ba ya sauyawa. Wani gari ko wata jiha, yana iya sauyawa, a wasu ƙasashen har da harajin sayarwa, tun da ana lissafa shi ne bisa inda za a kai kaya. Wata ƙasa daban kuwa, kada ka ɓata lokacin neman gyara: takardun kwastan da kuɗin fito duk sun dogara da ƙasar da za a kai, sokewa da sake oda ita ce hanya.

Idan aka kai kayan tsohon gidan bayan sun tabbatar maka a rubuce cewa sun sauya, hoton amsarsu shi ne hujjarka ta neman a sake aiko maka ko a mayar maka da kuɗi. Idan kuwa ba su taɓa tabbatarwa ba, a ƙa'idar yawancin kasuwanni sun cika alƙawari, domin sun kai inda odar ta ce, kuma ƙorafin "kaya ba su iso ba" da wuya ya yi nasara alhali shafin bibiya na nuna an miƙa a adireshin da ka rubuta da hannunka.